Bayanan DNS: yadda ake haɗa sunan shafin intanet da sabar da ke ɗauke da shi

Wanda ya taɓa buɗe wa kasuwancinsa ko ƙungiyarsu shafin intanet ya san cewa abu biyu ake biya. Akwai kuɗin suna, wato domen, wanda ake sabuntawa duk shekara. Akwai kuma kuɗin masauki, wato hostin, inda ake ajiye hotuna da rubuce-rubucen shafin a kan wata kwamfuta da ba ta kwana, wadda ake kira saba. Waɗannan biyun ba a haɗe suke zuwa ba. Kana iya sayen suna a wannan kamfani, ka kama masauki a wancan, kuma babu ɗayansu da ya san da zaman ɗan'uwansa sai ka haɗa su da kanka. Abin da ke haɗa su shi ne DNS.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata mu zauna a kan wannan batu shi ne yadda nake yawan jin 'yan'uwa a Legas da Ibadan da Fatakwal suna cewa "yaron da ya yi mana shafi ya ce a jira kwana biyu", kwana biyun su wuce, shafi bai buɗe ba, ko kuma ya buɗe amma imel ya daina shigowa. Galibi ba wani babban abu ba ne ya lalace. An yi gyaran ne a wurin da ba shi ake tambaya ba, ko an taɓa layi ɗaya ba a lura wani layin a jikinsa yake rataye ba.

Abin da ke faruwa idan an rubuta sunan shafi

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace saba tana da adireshinta na lambobi da ake kira IP, irin su 203.0.113.10. Idan ka rubuta sunan shafi a burauzar wayarka, dole sai an fara nemo lambar da ke bayan sunan kafin a je a ɗauko shafin. Tsarin da ke wannan aiki Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro shi a 1983, kuma har yau a kan ginshiƙinsa ake tafiya.

Wayarka ba ita ke yawon neman ba. Tana da ɗan aike, wata saba ce ta kamfanin layinka ko ta mai ba ka intanet, wadda a takardun fasaha ake rubuta ta `resolver`. Wasu kan zaɓi ɗan aiken Google mai lamba 8.8.8.8 ko na Cloudflare mai lamba 1.1.1.1. Shi wannan ɗan aiken tambaya yake bi hawa-hawa, kamar baƙon da ya sauka a babbar kasuwa yana neman wani mutum: ya tambayi na bakin ƙofa, a nuna masa layin masu irin wannan kaya, shugaban layin ya nuna masa rumfar, a rumfar ne zai samu amsa.

Bari mu ɗauki `example.com`, sunan da aka keɓe musamman don ba da misali, ba na kowa ba ne. Ɗan aike zai fara da sabobin tushe, masu sunaye 13 daga `a.root-servers.net` zuwa `m.root-servers.net`. Su ba su san shafinka ba, abin da suka sani shi ne masu riƙe da `.com`, wato kamfanin Verisign. Da sunan na `.ng` ne ko `.com.ng`, da wajen sabobin NiRA za a tura shi, hukumar da ke kula da sunayen Najeriya, wadda ofishinta ke Legas. To su ma masu riƙe da `.com` ɗin ba su san lambar sabarka ba. Abu ɗaya suka ajiye a kanka: sunayen sabobin da aka ce su ke da ikon magana da yawun sunanka. Waɗannan su ne za ka gani a shafin kamfanin da ka yi rajista an rubuta `Nameservers`, ni kuma zan riƙa ce musu sabobin suna. Sai ɗan aike ya isa wajensu sannan yake samun lambar.

Nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka a riƙe ta da kyau. Wurare biyu ne ake gyara, kuma aikinsu daban. A kamfanin rajista kana faɗin waɗanne ne sabobin sunanka. A kan sabobin sunan kuma ake rubuta bayanan kansu. Sau da yawa kamfanin rajista yana da shafin gyaran bayanai, kamfanin hostin ma yana da nasa, kowanne zai bar ka ka rubuta, ya nuna maka cewa an ajiye. Amma duniya ɗaya kawai take saurare, wanda `Nameservers` ɗinka suke nunawa. Ɗayan kuwa, ko ka kwana kana rubutu a ciki, ba wanda zai karanta.

Bayanan da ke ciki

Kowane bayani layi ɗaya ne mai ɗauke da suna, da nau'i, da amsa, da kuma wa'adi. Ga yadda na ƙaramin shafi yakan kasance a hostin mai amfani da cPanel:

```
example.com.       14400  A      198.51.100.25
www.example.com.   14400  CNAME  example.com.
mail.example.com.  14400  CNAME  example.com.
example.com.       14400  MX     0 example.com.
example.com.       14400  TXT    "v=spf1 a mx ~all"
```

Layin `A` shi ne uban tafiyar: yana cewa wannan suna yana wannan lamba. Yana da ɗan'uwa, `AAAA`, mai yin aiki iri ɗaya amma da sabon tsarin lambobi masu tsawo na IPv6. A shafukan gyara da yawa ba za ka ga cikakken sunan ba, alamar `@` za ka gani, ma'anarta sunan kansa ba tare da wani ƙari a gaba ba.

`CNAME` ba ya ba da lamba. Cewa yake yi "wannan laƙabi ne, je ka tambayi wancan sunan". A misalinmu `www` laƙabi ne na `example.com`, saboda haka duk inda uban ya koma, shi ma can zai bi. Yana da doka ɗaya mai tsauri: sunan da aka sa wa `CNAME` ba ya ɗaukar wani bayani kuma. Shi ya sa ba a sa shi a kan `@`, domin dole ne `@` ya ɗauki layukan `NS` da `SOA`, galibi har da `MX`. Wasu kamfanoni sun samar da dabarar zagaye wannan doka, za ka ga sun kira ta `ALIAS` ko `ANAME`, amma ba kowa ke da ita ba.

`MX` kuwa shi ke faɗin inda za a kai wasiƙun imel. Lambar da ke gabansa ta fifiko ce, kuma ƙarama ita ce gaba: idan akwai mai 10 da mai 20, mai 10 za a fara gwadawa. Suna ake rubuta masa, ba lambar IP ba, kuma sunan ya zama mai layin `A` nasa na kansa, ba laƙabi ba. `TXT` fili ne na rubutu kawai. Da shi ake tabbatar wa wani kamfani cewa sunan naka ne, da shi kuma ake rubuta SPF, wato jerin sabobin da ka yarda su aika wasiƙa da sunanka. Layi ɗaya tak mai farawa da `v=spf1` ake so a kan suna. In suka zama biyu, duka sun lalace.

Maganar "a jira ya bazu"

Lambar nan 14400 da ta fito a kowane layi ita ce `TTL`, kuma da daƙiƙa ake lissafa ta, wato awa 4 ke nan. Idan ɗan aike ya samo amsa, ba ya jefar da ita. Ajiyewa yake yi ya riƙa ba duk wanda ya tambaya, har sai wa'adin ya cika, sannan ya koma ya sake tambaya.

Kamfanonin hostin kan rubuto cewa a jira `propagation`, mutane kuma su ɗauka wani saƙo ne ke tafiya a hankali daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni dai ban so wannan kalmar ba, don tana ɓatar da tunani. Babu abin da ake turawa ko'ina. Gyaranka yana zama a kan sabobin sunanka cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Abin da ake jira shi ne tsohuwar amsar da 'yan aike suka ajiye ta ƙare. Ɗan aiken da ya tambaya minti biyar kafin gyaranka zai ci gaba da ba da tsohuwar lamba har kusan awa 4. Wanda bai taɓa tambaya ba kuwa nan take zai samu sabuwa. Wannan ne ya sa kai a Agege kake ganin sabon shafi, abokin cinikinka a Onitsha yana ganin tsoho, ko ma wayoyi biyu a rumfa ɗaya kowace da abin da take nunawa saboda layinsu ba ɗaya ba ne.

Hatta amsar "babu wannan suna" ajiye ta ake yi. Idan ka yi gaggawar buɗe `shago.example.com` kafin ka ƙirƙiro shi, ɗan aikenka zai riƙe cewa babu shi na wani lokaci, gwargwadon abin da aka rubuta a layin `SOA`. Don haka fara rubuta bayanin tukuna, sannan ka gwada.

Sauya masauki, mataki-mataki

A ce wani ɗan kasuwa yana da shafi da imel duka a tsohuwar saba mai lamba 198.51.100.25, da bayanai irin waɗanda na nuna a sama. Ya kama sabon masauki mai lamba 203.0.113.10 saboda shafin, amma yana so imel ya ci gaba da zama a tsohon wuri, tunda can duk wasiƙun abokan cinikinsa suke.

Abu na farko, tun kafin a taɓa komai, a tabbatar da wa ke da ikon magana:

```
nslookup -type=NS example.com
```

Wannan umarni yana aiki a Windows da Mac da Linux. Sunayen da ya fito da su za su nuna maka a shafin wane kamfani za ka yi gyara. Daga nan ka ɗauki hoton duk layukan da ke wurin, ko ka kwafe su a takarda. Kada ka raina wannan, shi ne abin komawarka in wani abu ya karkace.

Na biyu, a rage `TTL` na layukan daga 14400 zuwa 300, wato minti 5. Sai dai ragin ba ya aiki nan take, domin 'yan aiken da suka riga suka ajiye amsa da tsohon wa'adi suka ajiye ta. Dole a jira awa 4 ɗin su cika. Ni shawarata a yi wannan da daddare, a ci gaba da sauran washegari. Wanda ya rage `TTL` a daidai lokacin da yake sauya lamba bai amfana da komai ba a wannan karon.

Na uku shi ne inda aka fi faɗawa rami. Koma ka dubi layin `MX` na sama: yana nuna `example.com` ne, sunan da muke shirin sauya wa lamba. `mail` ma laƙabinsa ne. Ma'ana, da zarar an mayar da layin `A` zuwa sabuwar saba, wasiƙu ma can za su bi, su tarar babu akwatin da zai karɓe su. Mai shafi yana murna sabon shafi ya buɗe, ashe wasiƙun masu neman kaya suna komawa ga masu aikowa ko suna maƙale a hanya. Maganin shi ne a raba imel da shafi tun da wuri. A goge laƙabin `mail`, a ba shi layin `A` nasa, a juya `MX` ya nuna shi:

```
mail.example.com.  300  A   198.51.100.25
example.com.       300  MX  0 mail.example.com.
```

A kuma duba wayar mai shafin da kwamfutarsa: idan a saitin imel an rubuta `example.com` a matsayin saba, a mayar da shi `mail.example.com`. Layin SPF na misalinmu ba sai an taɓa shi ba, domin kalmar `mx` da ke ciki ta riga ta rufe sabar wasiƙun.

Na huɗu, a shirya sabon masauki. DNS iyakarsa ya kai baƙo bakin ƙofa. Saba ɗaya tana iya ɗaukar ɗaruruwan shafuka a kan lamba ɗaya, kuma da sunan da burauza ta ambata take gane wanda ake nema. In ba ka shigar da sunanka a shafin sabon hostin ba, za a iso lambar daidai amma a ga shafin kamfanin, ko na wani can daban. Kana iya gwada sabon wurin kai kaɗai kafin duniya ta gani, ta hanyar ƙara layi ɗaya a fayil ɗin `hosts` na kwamfutarka. A Windows yana `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts`, a Mac da Linux kuma `/etc/hosts`:

```
203.0.113.10  example.com  www.example.com
```

Kwamfutarka za ta bi wannan layin ba tare da tambayar ɗan aike ba. Burauza na iya yin gargaɗin tsaro a wannan gwajin, don sau da yawa ba a samun takardar shaidar `https` irin ta Let's Encrypt sai sunan ya riga ya nuna sabuwar saba. In ka gama, ka goge layin, in ba haka ba kwamfutarka za ta riƙa nuna maka komai lafiya ko da sauran jama'a ba sa ganin komai.

Sai na biyar, wanda shi ne mafi sauƙi: a sauya layin `A` na `@` daga 198.51.100.25 zuwa 203.0.113.10. `www` zai biyo shi da kansa. Idan akwai tsohon layin `AAAA`, a sauya shi ko a goge, don in an bar shi masu IPv6 za su ci gaba da zuwa tsohon gida alhali kowa ya tashi. Bayan minti biyar zuwa goma a tambayi wurare biyu:

```
nslookup example.com ns1.example.net
nslookup example.com 8.8.8.8
```

A layin farko ka sa sunan sabar sunanka ta gaskiya a madadin `ns1.example.net`. Ita ce tushe. Idan ta ba da sabuwar lamba, gyaranka ya zauna, saura jira kawai. Idan ta ba da tsohuwa, jira ba zai yi magani ba ko na mako guda ne: ko dai ba a ajiye gyaran ba, ko a wurin da ba shi ba aka yi shi. Layi na biyu yana nuna abin da wani ɗan aike na waje ke gani. In duka biyun sun ba da sabuwa amma kwamfutarka ta nace a kan tsohuwa, ita ce ta ajiye, sai ka wanke ta da `ipconfig /flushdns` a Windows. Bayan kwana ɗaya ko biyu komai na tafiya daidai, a mayar da `TTL` zuwa 3600 ko 14400.

Idan hostin ya ce a sauya Nameservers

Kamfanonin hostin da yawa ba sa ba ka lamba, sai su aiko da sunaye biyu su ce ka sa a `Nameservers`. Wannan ma hanya ce mai kyau, musamman ga sabon sunan da ba a taɓa amfani da shi ba, tunda su za su rubuta maka bayanan. Amma ga sunan da ke aiki, ka san cewa ba layi ɗaya kake sauyawa ba, littafin gaba ɗaya kake ɗauke wa wani ka miƙa wa wani. Tsofaffin layuka ba sa biyo ka. `MX` ɗinka, da SPF, da duk `TXT` ɗin da ka taɓa sawa don tabbatar da mallaka, sai ka sake rubuta su a sabon wuri, kuma kafin sauyin, ba bayansa ba.

Jiran ma ya fi tsawo, kuma ba a hannunka yake ba. Sabobin `.com` suna ba da sunayen sabobin sunanka da wa'adin daƙiƙa 172800, awa 48 cif. Daga nan ne maganar "kwana biyu" ta samo asali. A cikin waɗannan kwanaki wasu 'yan aike na tambayar tsohon wuri, wasu sabo, don haka dole duka biyun su riƙa ba da amsa mai kyau. Kada a rufe tsohon asusu ranar da aka yi sauyi. Haka kuma idan an kunna DNSSEC a kamfanin rajista, wato tsarin sa hannu a kan amsoshi, a kashe shi tun kwana biyu kafin sauyin, sai dai in sabon kamfani ya ba da nasa bayanan `DS` da yadda za a yi canjin. In aka bar tsohon, 'yan aiken da ke tantancewa za su ƙi karɓar amsar sabon wuri, shafi ya ɓace wa mutane da yawa alhali duk layukan daidai suke.

Ra'ayina, in dai shafi kaɗai kake son matsarwa kuma imel na aiki lafiya, ka roƙi hostin su ba ka lambar IP, ka sauya layin `A` kawai.

Yadda ake gane inda matsala take

Saƙon da ya fito a allo yakan faɗi rabin labarin. Idan Chrome ya nuna `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`, an ce masa babu sunan kwata-kwata. Fara duba ko kuɗin sunan ya ƙare ba a sabunta ba, sannan ko an yi kuskuren harafi. Idan `nslookup` ya dawo da `SERVFAIL` ko `Server failed`, sunan yana nan amma an kasa samun amsa mai inganci: ko `Nameservers` suna nuna sabar da ba ta san da kai ba, ko matsalar DNSSEC ɗin nan ce. Idan kuwa lambar ta fito daidai amma shafin wani ke buɗewa, ko shafin ya ƙi zuwa sam, DNS ya gama nasa aikin, a koma wajen hostin.

Akwai wani ƙaramin abu mai wahalar ganowa, ɗigon da ke ƙarshen sunaye a misalan da na bayar. Ba kuskure ba ne. Ɗigon yana nufin sunan ya cika, kada a ƙara masa komai. A wasu shafukan gyara, in ka rubuta `mail.example.com` babu ɗigo, sai su liƙa masa sunanka a baya ya koma `mail.example.com.example.com`, wanda babu shi. Wasu shafukan kuma da kansu suke sa ɗigon, wasu ma a gurbin suna `mail` kaɗai suke so. Tunda kowane kamfani da tsarinsa, bayan ka ajiye sai ka tambayi sabar sunanka da `nslookup -type=MX example.com ns1.example.net` ka ga ainihin abin da ta rubuta.

Wani abu kuma da ba na fasaha ba ne amma a nan yake: asusun da ke kamfanin rajista shi ne makullin komai, domin mai shiga cikinsa shi ke iya sauya `Nameservers`. Idan wani ne zai yi maka shafi, a yi rajistar sunan da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ka riƙe kalmar sirri, shi kuma ka ba shi izinin gyaran bayanai. Kuma imel ɗin da za ka yi rajistar da shi kada ya zama na kan sunan kansa, domin ranar da sunan ya samu matsala, saƙon da kamfanin zai aiko maka na gyara ba zai iso ba.